Sayayya ɗaya ta shiga sau biyu bayan sabis ya dawo, ina matsalar take?

Dan_Dawanau: Salamu alaikum jama'a. Ina neman taimako, jiya na sha kunya a gaban kawuna. Na haɗa masa wata 'yar manhaja ta Android da yaransa ke amfani da ita idan sun je sayen riɗi a kasuwannin ƙauye. Yaro ya saya, ya rubuta yawan buhu da kuɗin da ya biya, ko da sabis ko babu. Manhajar tana ajiyewa a cikin wayar da Room, in sabis ya dawo WorkManager ya kwashe abin da ke layi ya tura sabar. Ranar Alhamis wani yaron ya sayi buhu 12 a Maigatari, ya ba da kafin alƙalami ₦480,000. Da kawu ya buɗe lissafi da daddare sai ya ga buhu 24, kuɗi ₦960,000. Saura ƙiris a ce yaron ya ci kuɗi. Na karɓi wayarsa na duba, sau ɗaya tak ya rubuta. To ta ina ta biyun ta fito?

Sani_Fagge: Wa alaikumus salam. Yaron ne ya danna maɓallin sau biyu, ba wani abu ba. Ka sa maɓallin ya kulle da zarar an danna. Ni ma an taɓa yi min haka.

Dan_Dawanau: Malam Sani ai na ce layi ɗaya ne a cikin wayar. Da sau biyu ya danna, da biyu zan gani a Room.

Baban_Ilham: Ni dai shawarata ku sauya layin waya. A yankin Maigatari wani lokacin ma sabis ɗin Nijar ne ke shigo wa mutum. Ku saya wa yaran layin da ya fi kamawa a can, magana ta ƙare.

Hauwa_Kod: Baban Ilham, ba rashin sabis ne ya jawo wannan ba, rabin sabis ne ya jawo. Da babu sabis gaba ɗaya da ba abin da zai faru, saƙon zai zauna a layi lafiya lau.

Dan_Dawanau, ga abin da nake kyautata zato. Wayar ta tura sayayyar, ta isa sabar, sabar ta rubuta ta, ta mayar da amsar cewa ta karɓa. Amsar ce ba ta iso wayar ba, ko sabis ya yanke a hanya, ko wayar ta gaji da jira ta katse. A wurin wayar kuma ba bambanci tsakanin "saƙona bai je ba" da "ya je, amsa ce ta ɓata". Duka biyun abu ɗaya take gani. Sai ta bar sayayyar a layi, anjima ta sake turawa, sabar kuma ta ɗauka sabuwa ce.

Kamar ka aiki yaro da kuɗi wurin mai shago ne, ya kai, a hanyar dawowa ya tsaya kallon ƙwallo. Kai ka ji shiru, ka sake aiken wani da wasu kuɗin.

Kafin ka taɓa komai, buɗe bayanan shige da fice na sabar ka nemi ranar Alhamis ɗin. In maganata daidai ce za ka ga POST biyu daga waya ɗaya, abin da ke cikinsu iri ɗaya, kuma duka an amsa su da 200 ko 201. Sannan ka gaya mana daƙiƙa nawa na farkon ya ɗauka.

Dan_Dawanau: To Yaya Hauwa, bari na duba na dawo.

Mk_Zariya: Maganinsa mai sauƙi ne fa. A sabar ka sa sharaɗi: in wakili ɗaya ya turo buhu iri ɗaya da kuɗi iri ɗaya a cikin minti 10, a yar da na biyun. Haka na yi a tawa, shekara guda ke nan ba ƙorafi.

Alhaji_Tsoho: Mk, ni ba na rubuta kod, ɗan kasuwa ne ni, ɗana ya sa ni a zauren nan. Amma ka taɓa tsayawa a kasuwar ƙauye ranar cinta? Manoma biyu su zo a jere, kowa da buhu biyu, farashi ɗaya, ka sallame su cikin minti uku. In ka yar da na biyun ka cinye wa yaro kuɗinsa, gobe a ce ya kawo cikon.

Mk_Zariya: Ranka ya daɗe gaskiya ban kawo wannan ba. Tawa ta rajistar ɗalibai ce, suna ba ya maimaituwa haka.

Hauwa_Kod: Alhaji ya gama magana. Kuma akwai ɗaya ɓangaren: in maimaicin ya zo bayan minti 40, ko washegari, sharaɗin minti 10 ba zai kama shi ba. Wato zai yar da na gaske, ya bar na bogi.

Dan_Dawanau: Na dawo. Wallahi kamar kina wurin. POST na farko 14:02, na biyu 14:47, duka 201. Na farkon ya ɗauki daƙiƙa 13. Na gano dalili ma: na sa sabar ta tura wa kawu saƙon tes kafin ta amsa wa wayar, ranar kuma masu tura tes ɗin sun yi nawa. Da na bincika wata guda baya, sau bakwai hakan ta faru. Sauran ƙananan kuɗi ne shi ya sa ba wanda ya lura.

Injiniya_Bello: To ka ga bakin zaren. In da OkHttp ko Retrofit kake amfani kuma ba ka sauya komai ba, daƙiƙa 10 yake jiran amsa, daga nan ya jefo `SocketTimeoutException`. Kai kuma ka kama shi ka ce `Result.retry()`. Ba laifi ka yi ba, abin da ya kamata waya ta yi ke nan. Sabar ce ba ta da hanyar gane baƙon da ta riga ta sallama.

Ka cire tura tes daga cikin wannan buƙatar, a amsa wa waya tukuna, tes ya bi baya. Amma kada ka ɗauka ka warke. Wannan zai rage yawan faruwar abin ne kawai. Ko sabar ta amsa cikin rabin daƙiƙa, mota na iya shiga kwari da yaron a daidai lokacin.

Maganin gaske shi ne kowace sayayya ta samu lambarta da ba ta da irinta, kuma wayar ce za ta ƙirƙire ta a lokacin da yaron ya danna ajiyewa, ba lokacin turawa ba. `UUID.randomUUID()` ya isa. Ka ajiye lambar tare da saƙon a teburin layi:

```sql
CREATE TABLE outbox (
  seq INTEGER PRIMARY KEY AUTOINCREMENT,
  op_id TEXT NOT NULL UNIQUE,
  payload TEXT NOT NULL,
  status TEXT NOT NULL
);
```

Rubuta sayayyar da rubuta layinta a `outbox` su kasance a dunƙule guda, da `@Transaction` ko `withTransaction`. In ba haka ba, batir zai iya mutuwa tsakanin rubutun biyu, yaro ya ga sayayya a fuskar waya alhali ba za ta taɓa tafiya ba.

A sabar kuma ka sa `UNIQUE` a kan `op_id`. In PostgreSQL ne:

```sql
INSERT INTO sayayya (op_id, wakili, buhu, kudi)
VALUES ($1, $2, $3, $4)
ON CONFLICT (op_id) DO NOTHING;
```

Yanzu mu sake bin Alhamis ɗinka. Ƙarfe 14:02 saƙo ya zo da lambarsa, an rubuta buhu 12, amsa ta ɓata. Ƙarfe 14:47 ya sake zuwa da lambar nan dai, rumbun ya ƙi rubutawa, sabar ta amsa wa wayar cewa an karɓa, wayar ta share shi daga layi. Buhu 12 ne a littafin kawu. Manoman Alhaji su biyu kuwa kowa da lambarsa daban, duka za su shiga.

Ka lura da wannan na ƙarshen: maimaici ba kuskure ba ne, amsar nasara za ka mayar masa. In ka mayar da 500 wayar za ta yi ta dawowa har abada.

Sadiya_Py: Injiniya ƙarin bayani kaɗan, don na faɗa wannan ramin. Ba `INSERT` kaɗai ke faruwa a sabar ba. Akwai ƙarin buhu a sito, akwai ragin kuɗi daga hannun wakili, akwai tes ɗin kawu. Ni na hana layin maimaituwa amma na bar kod ɗin da ke ƙasa yana gudu, sai sayayya ta zama ɗaya, sito kuma ya ƙaru sau biyu. Ka duba ko `INSERT` ɗin ya rubuta wani abu da gaske, in bai rubuta ba ka tsallake sauran, kuma duk rubuce-rubucen rumbu su zauna a dunƙule ɗaya.

Usee_Gombe: Ni fa na yi wannan UUID ɗin tun bara, bai hana komai ba. Har yanzu ina ganin maimaici. Ina ga dai abin ba ya aiki a sabis irin namu.

Hauwa_Kod: Usee a ina kake kiran `randomUUID()`?

Usee_Gombe: A cikin `doWork()`, kafin na tura.

Hauwa_Kod: To ai shi ke nan. Duk lokacin da aka sake gwadawa `doWork()` daga farko yake tashi, sai ya yanko sabuwar lamba. Ka ba saƙo ɗaya suna uku, ya za a yi sabar ta gane shi?

Usee_Gombe: Innalillahi. Shekara guda ina zagin kamfanin waya.

Bn_Yusuf: Tambaya daga ɗalibi. Me zai hana na fara tambayar sabar da `SELECT` ko lambar tana nan, in babu sai na rubuta? Dole sai `UNIQUE`?

Injiniya_Bello: Dole. Ka ɗauka na farkon yana tsakiyar aiki bai gama rubutawa ba, na biyun ya iso. Duka biyu za su duba su ga babu, duka su rubuta. Rumbun bayanai ne kaɗai zai iya raba wannan gardamar.

Zee_Gusau: Maganar nan ta tuna min 2021. A watan Satumba aka rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Lokacin ina aikin tattara bayanai da KoboCollect. Sai mu yi kwanaki muna cike fom, su taru a waya, sannan a haɗa wayoyin a ba mutum ɗaya ya yi tafiya har inda zai samu sabis ya tura. Wani lokacin tura ta yanke a tsakiya, a sake dannawa, amma ban taɓa ganin fom ya ninka ba. Sai daga baya na gane kowane fom yana ɗauke da `instanceID` tun daga wayar. Ashe dabarar da Injiniya ke faɗa ce.

Abin da ya fi ba mu wahala a lokacin agogo ne. Wata wayar batirinta ya mutu, da aka kunna ta ba sabis da zai gyara mata lokaci, sai fom ɗin mutum ɗaya suka fito da kwanan watan da ya wuce da shekaru.

Injiniya_Bello: Malama Zee kin taɓo wani babba. Shi ya sa na sa `seq` a teburin. Jerin turawa ya bi `seq`, kada ya bi agogon waya. A ajiye lokaci biyu, wanda waya ta ce da wanda sabar ta karɓa, na wayar don nunawa ne kawai, ba a yanke hukunci da shi.

Labarinki ya tuna min wani abu kuma. Wasu suna kwaikwayon Stripe, su tura lambar a `Idempotency-Key`, sabar ta riƙe ta awa 24 sannan ta share. Ga wanda ke cikin gari ya wadatar. Amma yaron Dan_Dawanau zai iya turawa ranar Alhamis, amsa ta ɓata, ya shige ƙauye sai Litinin. Lambar da aka share ranar Juma'a ba za ta tare komai ba. Ka bar ta a jikin sayayyar har abada, ba wani wuri take ci ba.

Sani_Fagge: Duk wannan wahalar ta mece ce? Ku koma Firestore kawai, shi ke riƙe layin da kansa, ba ruwanka da WorkManager.

Sadiya_Py: Rabin gaskiya ne Malam Sani. Yana riƙe rubutu a waya ya tura in sabis ya dawo, kuma tunda waya ce ke ƙirƙirar lambar takarda, maimaici irin na Dan_Dawanau ba ya damun sa. Har `hasPendingWrites` yake ba ka don ka nuna abin da bai tafi ba. Amma `runTransaction` ba ya aiki in babu sabis. Kuma in waya biyu suka gyara wuri ɗaya, wanda ya isa sabar a ƙarshe shi ke ci, ba wanda ya fi gaskiya ba. Sannan in ƙa'idojin tsaro suka ƙi rubutun bayan kwana biyu, sai kawai ya ɓace daga fuskar wayar, kai za ka san yadda za ka yi wa yaro bayani.

Dan_Dawanau: Wannan na waya biyu ya tsorata ni. Ni yadda na yi, kowane yaro in ya saya, wayarsa tana lissafa jimillar buhun da ke sito ta tura sabuwar jimillar.

Hauwa_Kod: Kai! Wannan ya fi maimaicin haɗari, gara da ka faɗa. A ce da safe sito yana da buhu 100, duka wayoyin sun san haka. Musa ya sayi 12 a Maigatari, wayarsa ta ce 112. Isa ya sayi 8 a wata kasuwar, tasa ta ce 108. Duk wanda ya riga samun sabis, na bayansa zai taka shi. Kawu zai ga 108 ko 112, alhali 120 ne. Kuma ba inda zai nuna maka kuskure, shiru kawai.

Kada waya ta tura sakamako. Ta tura abin da ya faru: an sayi 12, an sayi 8. Sabar ta haɗa. In an yi kuskure ma, kada a goge tsohon layi, a tura sabon layi na gyara, kamar yadda ake yi a littafin bashi.

Alhaji_Tsoho: Hajiya wannan shi muka sani tun zamanin biro. Ba a goge littafi.

Abba_Kt: Ni tawa matsalar daban ce, ku yi haƙuri na sako ta a nan. Layina yana tsayawa cak. Saƙo 60 a waya, sabis cike, ba ko ɗaya da ke tafiya. Sai na share bayanan manhajar take dawowa daidai.

Injiniya_Bello: Ka share bayanai? To saƙo sittin ɗin ma ka share su, ka sani ko?

Kusan tabbas na gaban layin ne gurɓatacce. Sabar tana ƙin sa da 400 ko 422, kai kuma duk abin da ba nasara ba kana cewa a sake gwadawa. Sau dubu ka tura shi amsa ɗaya ce, na bayansa kuma suna jiran sa. Ka raba amsoshin. Yankewar sabis, 500, 503 da 429 a sake gwadawa. 401 yawanci izinin shiga ne ya ƙare saboda daɗewa, a sabunta shi a ci gaba, kada a taɓa layin. 400 da 422 a fitar da saƙon gefe, a sa masa ja a fuskar waya mutum ya gyara, sauran su wuce. Sai dai in na baya ya dogara da shi, misali biyan kuɗi ga manomin da rajistarsa ce ta maƙale, to wannan ya jira tare da shi.

Abba_Kt: Na gode oga. Maganar sittin ɗin kuma a bar ta kawai.

Bn_Yusuf: Wani abin da na lura: sabis ya dawo amma sai manhajar ta yi awanni ba ta tura ba. Ba nan take WorkManager ke tashi ba?

Sadiya_Py: Ba alkawarin nan take a ciki. Duk gwajin da ya faɗi, jira yana ninkuwa, daga daƙiƙa 30 yake farawa har ya kai awa 5. In wayar tana nuna data amma ba abin da ke wucewa, gwaje-gwajen za su yi ta faɗuwa, jiran ya yi tsawo, sabis mai kyau ya zo ya tarar da ita tana barci. Ga kuma wayoyin da ke kashe manhaja a bayan fage don tattalin batir. Ni abin da nake yi, duk lokacin da aka buɗe manhajar ina tayar da turawa, kuma akwai maɓallin "Tura yanzu" da adadin da ya rage a rubuce ɓaro-ɓaro.

```kotlin
workManager.enqueueUniqueWork(
    "sync", ExistingWorkPolicy.REPLACE, request
)
```

Hauwa_Kod: Sadiya ni ban cika son `REPLACE` ba. Yana katse wanda ke tsakiyar turawa, ke da kanki kin ƙirƙiro ɓatacciyar amsa.

Sadiya_Py: Da lambar a jiki ai ba komai, ya sake zuwa a gane shi. `KEEP` kuma zai bar ki da wanda ke jiran awa biyar.

Hauwa_Kod: In akwai hoton rasit mai nauyi fa? Yaro mai gajen haƙuri ya yi ta dannawa, kullum daga farko, datarsa ta ƙare ba abin da ya tafi.

Sadiya_Py: Hoto ai layinsa daban nake ba shi. Amma na yarda ban gwada da mai danna sau goma ba.

Baban_Ilham: Ni har yanzu ina nan kan bakata, da sabis mai kyau duk wannan surutun bai taso ba.

Zee_Gusau: Baban Ilham ka manta 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace? Mutanen Legas ma sai da suka ɗanɗana.

Dan_Dawanau: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na sa `op_id` da `UNIQUE`, na fitar da tes gefe. Na gwada ta hanyar sa sabar ta yi barcin daƙiƙa 15 kafin ta amsa, wayar ta tura sau uku, layi ɗaya ya shiga. Maganar jimilla zan zauna mata ƙarshen mako, aiki ne babba.

Saura abu ɗaya da ban san yadda zan yi ba. Kawu yana so yaro ya kasa biyan fiye da kuɗin da aka ba shi. In ba sabis, kuma kawu ya riga ya karɓe wani ɓangaren kuɗin ya rubuta a sabar, wayar ba ta sani ba. Na hana shi rubutawa, ko na bari?

Injiniya_Bello: Ka bari. Kuɗi sun riga sun fita daga aljihunsa, ƙin rubutawa ba zai dawo da su ba, shaidar kawai za ka rasa. Sabar ta karɓa ta sa alama kawu ya gani.

Alhaji_Tsoho: A'a Injiniya. In yaro ya san na'ura za ta karɓi komai, zai ci bashi da sunana a kasuwa ya zo min da rasit. Ni a hana shi.

Hauwa_Kod: Waya za ta iya hana shi wuce abin da ta sani a ƙarshe, wannan mai sauƙi ne. Abin da ba ta ji labarinsa ba ne ba za ta iya hanawa ba. Dan_Dawanau ka tambayi kawu, sau nawa yake karɓar kuɗi daga hannun yaro alhali yaron yana daji?

Dan_Dawanau: Zan tambaye shi bayan Isha'i. Amma na san halinsa, cewa zai yi duka biyun yake so.